Ma'anar "samfur": me ake nema a wurin masana'anta kafin a ba da odar farko?

Tun da matasanmu suka rungumi sarin kaya daga Chana ta waya, kalmar "samfur" ta shiga bakin kowa. A guruf-guruf na sari kullum sai ka ji ana cewa "kamfani ya turo samfur", kana dubawa sai ka ga hoto ne, ko bidiyon wani hannu yana shafa yadi. A rediyo ma mai talla zai ce "mun kawo sabon samfurin shadda", alhali sabon yayi yake nufi. Wannan cakuɗewar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga kuɗin mutane sun salwanta a cikinta.

Kalmar aro ce daga Turanci, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta yadda ta dace da shi. Asalin ma'anarta ɗan abu kaɗan da aka tsakura daga mai yawa don a gane halin sauran, kamar samfurin jini da ake ɗiba a asibiti, ko yadda mai sayen buhun masara a Dawanau yake soka ƙarfe ya ga ƙwayar da ke ciki. Daga baya muka ɗora mata ma'ana ta biyu, wato iri ko ƙira, kamar a ce sabon samfurin mota. A hira babu laifi. A ciniki kuwa ma'anar farko kaɗai ke da amfani: abin da ka riƙe a hannu, ka auna, ka wanke, ka ajiye don ya zama shaida.

Hoto da bidiyo suna ɓangaren kataloji ne, wato littafin da masana'anta ke jera kayanta da lambar kowane kaya da bayaninsa. Shi ake fara nema, kuma kyauta ne. Amfaninsa ba a hotunan yake ba, a ƙananan rubutun da ke ƙasa yake: lambar kaya, faɗin yadi, ko auduga ne ko roba ko gauraye, nauyinsa da ake rubutawa GSM, da mafi ƙarancin abin da za su yarda su yi maka, wanda suke rubutawa MOQ. Katalojin da babu waɗannan, ko wanda ka ga yadi da fitila da takalmi duk a cikinsa, yawanci na dillali ne da ke tattaro kaya daga wurare daban-daban, ba na mai injin ba. Daga kataloji ake zaɓar lamba biyu ko uku a ce a turo samfurinsu, a kira su da lambarsu, ba "waccan shuɗiyar" ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne zaton samfur iri ɗaya ne. Wanda za a fara turo maka na ajiya ne, an yanko shi daga kayan da aka taɓa yi wa wani, kuma ba wanda zai yanko maka mafi muni. Abin da yake nuna maka shi ne iyawar masana'antar. Na biyu shi ne wanda za su yi da kalarka da nauyin da ka nema kafin a tayar da inji. Na uku ana ɗibarsa daga cikin kayanka bayan an gama, kafin ka biya cikon kuɗi. Tunda tsarin da aka saba shi ne kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, sauran 70 kafin a loda, wannan na ukun shi ne damarka ta ƙarshe. Wanda ya tsaya a na farko ya tura kuɗi, bai san komai ba game da abin da zai sauka a shagonsa.

Wani ƙanen matata da ke koyon ciniki a Kantin Kwari ya zo mini da samfurin farin yadi daga wata masana'anta a yankin Keqiao, babbar kasuwar yadi ta lardin Zhejiang. Kataloji ya ce auduga ce zalla, GSM 120. Ya ce, "Yaya, taɓa ka ji, wallahi yadin yana da jiki." Lallai a hannu yana da kauri da sheƙi. Na ce ya kawo almakashi da abin awo.

GSM na nufin giram nawa murabba'in mita ɗaya na yadin ke da shi. Ba sai da injin gwaji ba. Muka yanki santimita 10 tsawo da 10 faɗi, wato kashi ɗaya cikin ɗari na murabba'in mita, muka kai wurin mai sayar da gwal ya ɗora a ƙaramin sikelinsa. Yadi mai 120 ya kamata ya ba da giram 1.2. Ya ba da 1.15, wanda bai yi nisa ba. Daga nan muka ja layi biyu da biro a kan ragowar, tsakaninsu santimita 50, muka wanke da sabulu. Ruwan ya yi fari fat kamar an dama koko. Da ya bushe yadin ya saki, ya zama sharara, sabon yankan da muka auna ya sauko giram 0.95. Sitati aka ɗura masa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da aka yi alkawari ya bi ruwa. Tsakanin layukan nan kuma ya koma santimita 47, ya tsuke da kashi 6 cikin ɗari. A yadi biyar na ɗinkin namiji wannan ya kai santimita 27, kuma tela ne zai sha zagi a kan rigar da ta ɗage bayan wankin farko.

Sai muka zare zare kaɗan muka sa masa ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Wannan ya yi baƙin hayaƙi, bakinsa ya narke ya dunƙule ya yi tauri, alamar akwai roba a ciki. Ba laifi ba ne a sayar da yadi mai gauraye, yana da kasuwarsa, amma da nasa farashin.

Ga wata magana da nake son masu fara sari su daina: neman samfur kyauta a matsayin hujjar kamfani na da gaskiya. Masana'antu da dama sukan ba da ɗan yanki kyauta kai ka biya kuɗin aike, kuma kuɗin aiken ta DHL yakan ninka darajar yadin kansa. Wasu za su caje ka su ce za su cire daga kuɗin oda. Duk wannan al'ada ce. Ni na fi son in biya in ce a ba ni yadi biyu cikakku, saboda ɗan ƙyalle mai girman tafin hannu ba ya isa a wanke, a auna, a kuma duba faɗi daga gefe zuwa gefe. A tambaya ma ko farashin a kan yadi ne ko mita, tunda yadi santimita 91 ne da 'yan kai, mita kuwa 100.

Ƙanen nan nawa ya rubuta musu sakamakon gwajinsa da lambobi, ya nemi sabon samfur mai nauyin 120 bayan wanki. Suka turo, farashi ya ɗan hau. Da ya gamsu sai ya raba shi gida biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan kowanne, ya mayar musu da ɗaya, aka kuma rubuta a takardar ciniki cewa kaya za su zo daidai da shi. Ɗayan rabin yana nan cikin leda a ƙasan akwatinsa, nesa da rana don kada kalar ta koɗe, yana jiran ranar da za a turo yankan da aka ɗiba daga cikin kayansa a shimfiɗa su gefe da gefe.