Sauyin yanayin zuciya a lokacin jego

Sauyin yanayin zuciya a lokacin jego ya ƙunshi yanayi uku da likitoci suke rarrabewa: ƙuncin kwanakin farko, ciwon damuwa bayan haihuwa, da taɓin hankali bayan haihuwa. Likitan Faransa Louis-Victor Marcé ya rubuta littafi a kan taɓin hankalin masu ciki da masu jego tun a 1858.

Ƙuncin kwanakin farko

Yakan fara ne kwana 2 ko 3 da haihuwa, kuma yana samun fiye da rabin masu jego. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran isturojin da furojestaron suna raguwa kwatsam, ga rashin barci, ga ciwon jiki. Mai jego takan yi kuka ba dalili ko saurin fushi, amma tana cin abinci, tana shayarwa, in ta samu barci kuma takan ji sauƙi. Yana wucewa da kansa kafin mako 2.

Ciwon damuwa

Abin dubawa shi ne tsawon lokaci da kuma barci. Wadda gajiya kawai ke damu, da an karɓi jaririn sai barci ya kwashe ta. Mai ciwon damuwa kuwa takan kwanta ido biyu ko da jaririn yana barci, abinci ya fita ranta, ta riƙa ganin ta gaza a matsayin uwa, ko ta ji babu shaƙuwa tsakaninta da ɗanta. Idan haka ya wuce mako 2, lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Ana ƙiyasta cewa yana samun kusan mace 1 cikin 7. A gidajen da 'yan'uwa ke watsewa bayan suna, alamun sukan fito lokacin da babu mai lura.

A asibiti ana amfani da ma'aunin Edinburgh na 1987: tambayoyi 10 game da kwana 7 da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 30. Misali, mace mai mako 3 da haihuwa ta samu maki 15. Wannan ya haura 13, makin da aka fi ɗauka a matsayin iyaka, amma bai tabbatar da ciwon ba. Sai an zauna da ita an tattauna, an auna jininta, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wani sashe a gaban wuya mai fitar da sinadarai, ma suna kawo kasala irin wannan. Tambaya ta 10 a kan tunanin cutar da kai take, kuma ko maki 1 a kanta ba a jinkirta bincike.

Ana magance shi da zaman tattaunawa da ƙwararre, ko da magungunan da mai shayarwa za ta iya sha, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki.

Taɓin hankali

Yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a mako 2 na farko. Alamunsa ruɗewa, sambatu, jin muryoyi, da kwanaki ba barci. Ana kai ta asibiti a ranar, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jaririn.