Amaryar da ake ce ma "ba ta da hanya"

Cikin matan da ke zuwa wurinmu a asibiti nan Gusau da ciwon kwanciyar aure, da wuya ki ga wadda ta faɗi gaskiyar abin da ya kawo ta tun zaman farko. Sai ta ce sanyi ne, ko marata ke ciwo, a rubuta mata magani ta tafi, bayan sati uku ta dawo da wannan kukan dai. Sai in kin kore mai rakiya waje kin rufe ƙofa kin tambaye ta kai tsaye, shin in maigida ya kusance ki kina jin zafi? to sannan za ta sunkuyar da kai ta fara wasa da bakin hijabi.

Wata yarinya da anka kawo mini daga wani ƙauye wajen Bungudu, shekararta ba ta kai ashirin ba, kusan rabin shekara da biki amma ko sau ɗaya mijin bai samu shiga ba. Da ya matso sai jikinta ya ɗau rawa ta haɗe cinyoyi, ta ce ji take kamar ana tsaga ta da reza, shi kuma ya ce kamar bango yake tararwa. Uwar mijin ta ce ƙiyayya ce, dama ba ta son ɗanta. Gwaggon yarinyar ta ce namijin dare ne ya aure ta, an yi ruƙiyya an yi hayaƙi an sha rubutu, shiru. Ƙarshe anka yanke shawarar a kira wanzami ya cire mata angurya ya ƙara mata hanya, Allah ya sa yayarta ta ce a fara zuwa asibiti tukun.

Tambayar farko da na yi mata, kina ganin al'ada duk wata? Ta ce e. To in jini na fita hanya na nan. Akwai 'yan matan da ake haifa da fatar budurci a rufe ruf, amma su alamarsu daban ce, sun balaga ba su taɓa ganin jini ba, ga ciwon mara duk wata, wani lokaci har marar ta kumbura, kuma wannan ɗan aiki ne na likita a tiyata ba na aska ba. Akwai kuma waɗanda fatar ta yi kauri ko wani ɗan shamaki a ciki, su ma dubawa ke nunawa, kuma ba su da yawa.

Abin da ke damun yarinyar nan likitoci na ce mashi bajinismus. Akwai tsokoki da sunka kewaye bakin farji, su ne kike matsewa in kina riƙe fitsari, to su ne ke ɗamewa da kansu da zarar wani abu ya nufo wurin. Kamar dai ido ne, in an kawo miki yatsa zai ƙifta ko kin yi rantsuwa ba za ki ƙifta ba. Shi ya sa faɗa da "ki saki jikinki mana" ba ya aiki. Ita tata ta faro ne daren farko, ƙawaye sun cika mata kunne da labarin jini da ɗinki, ango kuma ya zo da gaggawa, ta sha wuya, daga nan jiki ya riƙe abin. Tsoro ya sa tsoka ta ɗame, ɗamewa ta kawo zafi, zafin ya ƙara tsoro, kowane dare anka gwada da ƙarfi abin ƙaruwa yake. Wasu kuma yana samunsu bayan haihuwa da ɗinki, ko bayan fyaɗe, ko doguwar cutar ƙaiƙayin gaba da ba a yi ma magani ba.

Maganar wanzami ita ta fi tsaya mini a rai. Yankan gishiri a bangon gaba na farji ake yinshi, kuma mafitsara da hanyar fitsari na nan manne a bayan wannan bangon, aska ta ɗan zarce sai yoyon fitsari. Ko ba ta zarce ba ga zubar jini, ga tsoron sandarewar haƙora, kuma tabon da zai warke ba ya miƙewa kamar naman asali, wurin sai ya ƙara ƙunci. An yanka lafiyayyen nama, tsokar da ke ɗamewa kuma tana nan yadda take, an ma ƙara mata dalilin tsoro.

Ga yadda munka yi da ita. Ranar farko ban saka mata komai ba, kallo kawai na yi da izininta, na ga ba ciwo ba ƙuraje ba ruwa mai wari. Na kira mijin na ce malam a dakatar da ƙoƙarin shiga gaba ɗaya na ɗan lokaci, wasa da sauran mu'amala ku ci gaba, ya yi jim sannan ya yarda. Na koya mata ta gane tsokar, ta matse kamar mai riƙe fitsari ta ƙirga biyar, ta saki a hankali tana fitar da numfashi, sakin ne muke nema ba matsewar ba. Da ta iya wannan sai ta fara a ɗakinta ita kaɗai, hannu a wanke farce a yanke, da man santsi irin jelin da ake saidawa a kemis, ta ɗora yatsa a bakin wurin kawai, kwanaki bayan haka gaɓa ɗaya, sannan yatsa duka, sannan biyu, minti 10 zuwa 15 a rana. Akwai robobi na musamman masu girma hawa-hawa da ake amfani da su in an samu, in babu yatsa ya isa. Ƙa'idar ita ce in zafi ya zo a tsaya, kada a daure, a koma matakin baya. Sai daga baya mijin ya shigo ciki, ita ke riƙe da ragama tana cewa tsaya ko ci gaba. Wasu makonni kaɗan ke isarsu wasu sai watanni, ita ta ɗau wajen wata uku.

Ba kowane zafi ba ne wannan fa. Mai shayarwa kan bushe saboda sinadarin da ke jiƙa wurin ya ragu, haka wadda al'ada ta ɗauke ma, man santsi na taimaka masu sosai. Zafi da ƙaiƙayi da farin abu mai gudaji magani yake so. In kuma can cikin mara kike jin sukar, musamman da zazzaɓi ko ruwa mai wari ko jini bayan kwanciya, kada ki jira, sai an duba mahaifa. Su alif da kanwa da sauran kayan matsi da ake cusawa, wallahi su ke busar da wurin su ƙona shi.

Kunyar kuwa na san inda take fitowa. Ɗiya ba ta iya buɗa baki ta gaya ma innarta irin wannan, tana tsoron a ce ta kasa aure a yi mata kishiya ko saki, shi mijin na tsoron majalisa ta ji a ce shi ne ba namiji ba, sai su haɗu su rufe. Ga layin asibiti da ake tambayarki me ke damunki gaban mutane. Ba sai kin yi bayani a wurin yankan kati ba, ki ce kina son ganin ungozoma ko ma'aikaciya mace a sashen mata, in kin shiga ki ce "ina jin zafi wajen kwanciya da maigida", sauran tambayoyin mu za mu yi. Kina da ikon cewa mai rakiya ta jira waje, da cewa a tsaya in dubawar ta yi miki zafi, in kuma abin ya fi ƙarfin asibitin garinku ki nemi takardar zuwa wurin likitan mata a Asibitin Yariman Bakura ko asibitin tarayya na Gusau.