Ƙa'idar ambaton baitoci da lambar shafi a littafin mabiya addinin Sikh

Wanda ya saba neman aya a Alƙur'ani da sunan sura da lambar aya zai ga wani tsari dabam idan ya buɗe rubutun malaman Sikh, domin su abin da suke rubutawa a ƙarshen baiti shi ne, misali, "ang 773". Wannan lamba ta shafi ce a cikin littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib. Suna kiran shafin "ang", wato gaɓar jiki, saboda tun shekarar 1708, lokacin da Guru Gobind Singh, na goma a jerin jagororin addinin da ake kira Guru, ya ayyana littafin a matsayin magajinsa, suna girmama shi a matsayin Guru mai rai.

Dalilin ƙa'idar yana cikin yadda aka gina littafin. Sa'ad da Guru Arjan ya kammala tattara shi a 1604 a birnin Amritsar da ke Indiya, bai raba shi babi-babi bisa maudu'i ba, bai kuma jera shi bisa tarihi ba. Waƙoƙin yabo ne da ake rerawa, don haka aka jera mafi yawansu bisa raga, wato karin da ake rera su da shi. A bugun da ake amfani da shi yau, addu'o'in safe da yamma da na dare sun mamaye shafi na 1 zuwa na 13, ragogi 31 suka biyo baya daga shafi na 14 zuwa na 1353, sauran baitoci kuma suka cike har zuwa shafi na 1430. Raga ɗaya tana iya cin shafuka fiye da ɗari, a cikinta kuma lissafin waƙoƙi yana sake farawa duk lokacin da aka sauya marubuci ko nau'in waƙa. Faɗin sunan raga kaɗai ba zai kai mai nema ga baitin ba.

Abin da ya ba lambar shafi ƙarfi shi ne daidaita bugu. Kwafe-kwafen hannu na dā sun sha bamban a yawan shafuka, gwargwadon girman takarda da hannun marubuci. A ƙarni na 20 aka tsayar da bugu mai shafi 1430, wanda hukumar kula da wuraren ibadar Sikh ta SGPC da ke Amritsar take bugawa, kuma kowane shafi yana farawa da ƙarewa a wuri ɗaya a kowane kwafi.

Mu ɗauki Lavan, baitoci huɗu da ake rerawa wajen ɗaurin aure yayin da ango da amarya suke kewaya littafin sau huɗu. Ana ambatonsu da ang 773 zuwa 774. Mai nema zai buɗe shafi na 773, ya tarar yana cikin ragar Suhi, wadda ta fara daga shafi na 728. Shafin ba da Lavan ya fara ba, saboda haka sai ya bi layi-layi har ya iske kanun da ke cewa "Suhi Mahala 4". Kalmar Mahala da lambarta suna nuna wane Guru ne ya yi waƙar, kuma 4 na nufin Guru Ram Das. Waƙar ta tsallaka zuwa shafi na gaba kafin ta ƙare, shi ya sa ake rubuta lamba biyu.

A nan ne ake yawan yin kuskure, kuma a ganina kuskure ne mai nauyi. Sunan Nanak yana zuwa a ƙarshen baitocin Lavan, sai wanda bai sani ba ya jingina su ga Guru Nanak, wanda ya kafa addinin. Alhali Guru shida da waƙoƙinsu suke cikin littafin duk da sunan Nanak suke rufe baiti. Lambar shafi ba ta faɗin marubuci, kanun waƙa ne yake faɗa. Saboda haka cikakken ambato yakan haɗa raga da Mahala da ang, kuma wanda ya taƙaita ga ang kaɗai ya bar mai karatu da aikin lalube a shafin da zai iya ɗaukar waƙoƙi da dama.

Akwai kuma ƙananan littattafan addu'o'in yau da kullum da ake kira gutka, da fassarori masu juzu'i da yawa, waɗanda suke da nasu lambobin shafi. Japji, addu'ar safe ta Guru Nanak, tana ang 1 zuwa 8, amma a gutka tana iya cin shafuka masu yawa fiye da haka. Lambar da ake ambata a kullum ita ce ta cikakken bugun, kuma fassarar da aka yi da kulawa takan rubuta ta a gefe ko a saman shafi. Idan lambar da aka ba ka ta haura 1430, ko ragar da ke shafin ta saɓa da wadda aka ambata, to ba daga cikakken bugun aka ɗauko ta ba, ko kuwa an yi kuskure wajen kwafa.