Takardar lamunin banki a cinikin ƙasa da ƙasa

Takardar lamunin banki, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da LC, alkawari ne a rubuce da bankin mai saye yake yi wa mai sayarwa cewa zai biya shi kuɗin kaya muddin ya kawo takardun da aka gindaya a cikin wa'adi. Ana amfani da ita inda mutum biyu ba su san juna ba: mai kaya yana tsoron ya yi lodi a hana shi kuɗi, mai saye yana tsoron ya biya kaya su ƙi zuwa.

Tarihi

Ana danganta asalinta da fataken Turai na tsakiyar zamani, musamman na Italiya, ko da yake masana sun saɓa kan lokacin. Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, wato ICC, da ke Paris ta fitar da ƙa'idojin takardar na bai-ɗaya a 1933. Bugun da ake aiki da shi yanzu, UCP 600, ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 2007.

Yadda take aiki

A ce ɗan kasuwa a Kano zai sayar wa wani kamfani a Japan riɗi tan 200. Kamfanin zai sa bankinsa ya buɗe takardar, a sanar da Bakanon ta wani banki a Najeriya. Idan ya yi lodi a Legas, sai ya miƙa takardar shaidar lodin jirgi, da ta farashi, da duk wadda aka nema. A bisa ƙa'ida yana da kwana 21 daga ranar lodi, in ba a rubuta wani wa'adin ba, banki kuma yana da ranakun aiki 5 na dubawa. In takardu sun dace, biya ya wajaba, ko da farashin riɗi ya faɗi mai saye ya so janyewa, domin ba a soke takardar sai da yardar mai kaya. Mai saye shi ma kuɗinsa ba sa fita sai an nuna shaidar kaya sun hau jirgi a kan lokaci.

In mai kaya bai natsu da bankin waje ba, yana iya neman wani banki ya ƙara nasa lamunin, da ƙarin caji.

Iyakarta

Banki takarda yake dubawa, ba ya buɗe buhu. Lodi bayan wa'adi, ko nauyin da ya saɓa tsakanin takardu biyu, ya isa a ƙi biya ko da riɗin ba shi da aibu. Haka kuma takardu na iya dacewa alhali kayan gurɓatattu ne, shi ya sa mai saye mai lura yake sharɗanta shaidar kamfanin binciken kaya kafin lodi.

Zamba ce babbar togaciya ga wajabcin biya in takardu sun dace. A shari'ar Sztejn ta 1941 a New York, an yi zargin an loda shara a madadin gashin buroshi, kotu ta ce ana iya hana biya. Kotunan ƙasashe sun bambanta kan ƙarfin hujjar da ake buƙata.