Yadda ake rubuta layukan bayanin hoto domin makafi su bi fim

Malam, muna shirya gajerun wasanni a nan Gusau muna ɗorawa a intanet. Kawuna ya rasa ganinsa, kuma duk sanda muka kunna masa sai ya yi ta tambayar "me ya faru?" Ta ina ake fara rubuta muryar da ke yi wa makafi bayani?

Ɗan'uwa, daga shiru ake farawa. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka kunna fim ɗin da aka gama tacewa, ka juya wa allon baya, ka saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Duk inda labari ya kuɓuce maka, ka sa alama, domin a nan ne ya kuɓuce wa Kawu. Za ka tarar wurare da yawa ba sa buƙatar komai, saboda maganar 'yan wasa ta riga ta ɗauke nauyin. Waɗansu wuraren kuwa, abin da labarin gaba ɗaya ya rataya a kansa ya wuce ne ba tare da ko tari ba.

Bayan haka sai ka sake kallo da ido, kana auna gurbin da ke tsakanin magana da magana. Muryar bayani a cikin waɗannan gurabe take zama, ba ta hawa kan maganar ɗan wasa. Manhajojin rubuta fassarar ƙasan allo irin su Subtitle Edit ko Aegisub kyauta ne, kuma suna zana maka sautin fim ɗin, ka ga inda magana ta tsaya da inda ta tashi. Kowane layi na rubutun yana da abu uku: lokacin da mai karatu zai fara, lokacin da dole ya gama, da kalmomin da zai faɗa. A gefe kuma ana rubuta masa kalmar ƙarshe da ɗan wasa ya furta kafin gurbin, don ya san inda zai shigo.

Shi ya sa ba a yin wannan aiki daga rubutun da aka ɗauki fim da shi. Mai tacewa na iya yanke daƙiƙa biyu, duk lissafinka ya rushe. Sai hoto ya tsaya cak, an ce ba za a ƙara taɓa shi ba.

Gurbi ɗaya zai ɗauki kalmomi nawa?

Ka auna bakin wanda zai karanta. Ka ba shi sakin layi ya karanta a natse na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin. A ce ya karanta 150, ka ga kalma biyu da rabi ke nan a daƙiƙa ɗaya.

Bari mu ɗauki fitowa guda mu yi aikin tare. A ce akwai mata biyu a gida ɗaya a Tudun Wada, Hadiza da kishiyarta Larai. A daidai minti 4 da daƙiƙa 12 Hadiza ta gama ce wa 'yarta, "Je ki kira min babanki." Ba wanda ya sake magana sai a daƙiƙa ta 18, da maigida ya yi sallama daga zaure. Gurbin daƙiƙa shida ne. Ka bar rabin daƙiƙa a farko da rabi a ƙarshe, don kada muryar bayani ta manne da ta ɗan wasa har mai sauraro ya kasa rabe su. Saura biyar, wato kalmomi 12 ko 13.

Wanda bai saba ba zai rubuta: "Hadiza, wadda take sanye da atamfa ja mai kyau, ta shiga ɗakinta cikin tsoro, ta ɗauko kuɗin adashi daga cikin jakarta, ta ɓoye su a ƙarƙashin katifa don kada kishiyarta ta gani." Kalmomi 32 ke nan, kusan daƙiƙa 13. Zai haɗiye sallamar maigida da amsar da aka ba shi. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya ce a karanta da sauri, kuma ita ce mafi muni, domin kunne ba ya komawa baya ya sake ɗauka. Maganin shi ne yanka. Launin atamfa bai canza komai a labarin ba, ya fita. Jaka ta fita. Abin da ya rage, ga shi kamar yadda zai fito a manhajar:

```
1
00:04:12,500 --> 00:04:17,500
A ɗaki. Hadiza ta waiga, ta cusa ƙullin kuɗi a ƙarƙashin katifa.
```

Kalmomi 12, kuma sun faɗi wuri, da wace ce, da abin da ta yi. Idan wuri ya canza, shi ake fara faɗa a gajarce, "A ɗaki," "A tasha da dare," domin mai gani yana sanin an sauya wuri nan take, makaho kuwa sai ya ci gaba da zaton ana tsakar gida.

Amma ai da gaske tsoro take ji, kuma don kishiyar ta ɓoye. Me ya sa aka cire?

Saboda allon bai faɗi haka ba. Abin da ya nuna shi ne mace ta waiga kafin ta cusa kuɗi. Kai da kake kallo, kai ka haɗa waigen da kuɗin ka ce tsoro ne. Kawu ma yana da wannan hankalin, wataƙila ya fi ka sanin zaman gidan mata biyu. Ka ba shi waigen, ka bar masa sauran. Idan ka ce "don kada kishiyarta ta gani," ka ƙwace masa daɗin ganowa da kansa, kuma idan daga baya labarin ya nuna maigidan take ɓoye wa, ka yi masa ƙarya. "Kuɗin adashi" ma haka ne: idan ba a riga an ambaci adashi a fim ɗin ba, ƙullin kuɗi kawai ido ya gani.

Wannan ƙa'ida ta daɗe a sana'ar. Tun da Margaret Pfanstiehl ta fara shirya wa makafi bayani a gidan wasan Arena Stage da ke birnin Washington a 1981, da kuma lokacin da tashar WGBH ta Boston ta kawo shi talabijin a kai a kai a 1990, abin da ake koya wa masu bayani a can shi ne su faɗi abin da suka gani. Ni dai ba na tsananta ta har ta zama wauta. Idan daƙiƙa ɗaya ce gare ka kuma fuskar mutum ba ta da wata fassara, "ya ɗaure fuska" ko "ta yi murmushi" sun isa, ba sai ka lissafa gira da leɓe ba. Iyakar ita ce kada ka shiga zuciyarsa ka faɗi dalili.

Akwai kuma tarko biyu da suka shafi Hausa. Na farko, "ta". Da mata biyu a ɗaki, "ta miƙa mata" ba ta gaya wa kowa komai ba, don haka ko da zai ci maka kalma, ka kira suna. Na biyu, lokacin aiki. Abin da ya faru tashi ɗaya ka ce "ta cusa," "ya tashi." Abin da ke ci gaba ka ce "tana leƙe," "yana jira." Mai sauraro da wannan bambancin yake gane ko abu ya wuce ko har yanzu yana nan.

To idan abu biyu suka faru a gurbi ɗaya fa?

A nan gwanintar take. A fitowarmu, a daƙiƙa biyu na ƙarshen gurbin nan kyamara ta nuna Larai a bayan labule tana leƙe. Wannan ya fi komai nauyi, domin idan kuɗin suka ɓace nan gaba, duk mai ido ya san wa zai zarga. Amma gurbin ya cika. Sai ka duba gaba: bayan sallama da amsawa akwai wani shiru daga daƙiƙa ta 21 zuwa ta 25. Ka kai Larai can, ka sa kalmar da za ta nuna ba yanzu ta iso ba:

```
2
00:04:21,400 --> 00:04:24,600
Tun ɗazu Larai na bayan labule, tana leƙe.
```

Jinkirta bayani kaɗan ko gabatar da shi kaɗan halas ne. Abin kiyayewa shi ne abin mamaki da abin dariya. Idan ka faɗi cewa ɓarawo na bayan ƙofa daƙiƙa huɗu kafin a nuna shi, Kawu zai riga kowa sani, ya zauna yana jiran sauran su firgita. Burin shi ne ya firgita tare da su.

Sauti kuma kada ka ɓata kalma a kansa idan ya bayyana kansa. Ya ji ƙarar waya, ba sai ka ce waya ta yi ƙara ba. Abin da bai sani ba shi ne wayar wa ce, da sunan da ya fito a fuskarta. Haka duk rubutun da ke allo, saƙon waya, allon asibiti, "bayan shekara biyu," dole a karanta shi.

Finafinanmu magana ba ta yankewa. Ina za a sami gurbin?

Gaskiya ne, kuma matsala ce babba. Inda aka rasa yadda za a yi, ana iya hawa kan maganar da ba ta ɗauke da labari. Doguwar gaisuwa ce ta fi dacewa: ka bari a ji sallama da "ina kwana," don ya gane muryoyin, sannan ka shigo a kan "ya gida, ya yara, ya gajiya." Amma ka saurare ta tukuna. Gaisuwar da aka amsa a daƙile ita ce labarin kanta, ba a taɓa ta. A waƙa, ka yi bayani inda kiɗa ke tafiya shi kaɗai, ka bar baitukan.

Ku da kuke shirya naku wasan kuna da damar da mai yi wa fim ɗin wani bayani ba shi da ita. Kuna iya gaya wa mai tacewa ya bar daƙiƙa uku ko huɗu a farkon kowace fitowa, da kuma bayan duk wani aiki da aka yi shiru.

Yaya zan gane rubutun ya yi?

Ka naɗi muryar, ko da a waya ne cikin ɗaki mai shiru, ka haɗa ta da fim ɗin. A rage sautin fim kaɗan duk sanda bayani ya shigo, kada a kashe shi. Manhajar Audacity tana da Auto Duck domin wannan. Mai karatu ya riƙe murya a natse, kada ya shiga wasan. Sannan ka kunna wa Kawu, kada ka ce masa komai, kada ka tsayar. Da an gama, kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi don ya faranta maka. Ka ce, "Kawu, wa kake zaton ya ɗauki kuɗin?" Idan ya ce Larai, layi na biyu ya yi aikinsa. Idan ya ce wace ce ke bayan labulen, sunan ya zo a makare ko an haɗiye shi. Idan kuwa ya ce surutun ya hana shi jin 'yan wasa, ka koma ka rage layukan da ba su ɗauke da labari, ka fara da na tufafi da kayan ɗaki.