Sayar da alkawari a kan hannun jarin da kake riƙe da shi: nawa kake sallamawa?

"Ina da hannun jari 100 a wani kamfanin Amurka, an ce zan iya karɓar kuɗi a kansu duk wata ba tare da na sayar ba. Gaskiya ne?"

Rabin gaskiya ne. Abin da dillalinka ya rubuta Covered Call a allo alkawari ne kake sayarwa: ka yarda wani ya sayi hannun jarinka 100 a wani farashi da aka tsayar, kafin wata rana da aka tsayar, in ya ga dama. Shi ke da zaɓi, kai ke da wajibi. Kuɗin da ya ba ka na alkawarin ne, kuma sun zama naka ko ya saya ko bai saya ba. Wanda ya ce maka ba za ka sayar ba, wannan ɓangaren ya ɓoye maka.

"Guda 60 gare ni, zan iya?"

A'a. Kwantiragi ɗaya a kasuwar Amurka hannun jari 100 ne cif.

"To nawa ne ainihin ribar da nake bari?"

Wannan ce ya kamata a fara tambaya, amma sai an ji jiki ake zuwa da ita. Ɗauki biro, ga misali. Jarinka yana dala 50 kowane ɗaya yau. Ka sayar da alkawarin kwana 30 a farashin dala 55, wato abin da allo ke kira Strike, aka biya ka dala 1.20 a kan kowane ɗaya, dala 120 ke nan a dunƙule. Daga wannan lokacin har wa'adi ya cika, iyakar abin da kowane hannun jari zai kawo maka shi ne 55 da 1.20, wato dala 56.20. Ko farashi ya kai 100, kai a 56.20 ka tsaya. Mafi yawan ribar da za ka iya samu daga farashin yau dala 620 ce.

Yanzu kwatanta kanka da maƙwabcinka da ya riƙe nasa bai yi alkawari da kowa ba. In farashi ya ƙare a 55 ko ƙasa, ka fi shi da dala 120. A 56.20 kun yi kunnen doki. Daga nan zuwa sama duk dalar da aka ƙara tasa ce, kai babu ko santi. A 60 shi yana da ribar 1,000, kai 620, ka bar 380. A 70 shi 2,000, kai dai 620 ɗin, ka bar 1,380. Lissafin ke nan kullum: farashin ranar wa'adi, a cire farashin alkawari, a cire kuɗin da ka karɓa, a ninka da 100. Abin da ka karɓa yana da iyaka, abin da ka sallama ba shi da ita. Don Allah ku yi wannan lissafin a takarda kafin ku danna Sell to Open, wato maɓallin sayar da alkawarin, ba bayan jari ya tashi ba.

"Amma ai yana kare ni in farashi ya faɗi?"

Da dala 1.20 kawai. In ya sauka 42, maƙwabcinka ya yi asarar 800, kai 680. Kada ka kira wannan kariya.

"Na ga wani jari da ake biyan kuɗin alkawari mai tsoka a kansa."

Ba kyauta ake ba ka ba. Kuɗin suna kauri ne saboda kasuwa tana sa ran jarin zai yi tsalle, sama ko ƙasa, sau da yawa don kamfanin na dab da fitar da rahoton ribarsa na wata uku. Duba ko ranar rahoton ta faɗo cikin wa'adinka. In ta faɗo, to ka riga ka sallama ranar da jarin ya fi iya tashi.

"Jarin ya kai 60, saura kwana 10, kuma ba na son a karɓe shi. Me zan yi?"

Kwantar da hankalinka tukuna, ba asara ka yi ba, ribar 620 ce a gabanka. Amsar ta danganta da dalilin da ya sa ba ka son rabuwa da shi, kuma babu ɗaya cikin hanyoyin da ba ta da kuɗinta.

Za ka iya saye alkawarin ka rufe shi, da Buy to Close. A wannan hali zai kai kamar dala 5.40: dala 5 tazarar 55 da 60, santi 40 kuma kuɗin sauran kwanakin. Ka karɓi 120, ka biya 540, ka yi asarar 420 a aljihu, jarin ya dawo hannunka ba takunkumi. Wannan yana da ma'ana ne kawai in da a ce ba ka da jarin, yau za ka saye shi a 60 da zuciya ɗaya. In ba za ka saya ba, to zafin rai ne yake neman kashe maka kuɗi.

Ko ka mirgina shi gaba: ka rufe na 55, ka sayar da sabo a 60 na wata biyu, a ce a dala 4.50. Ka cika santi 90 daga aljihu, rufinka ya ɗaga daga 56.20 zuwa 60.30. A ido yana da kyau, kuma wani lokaci yana da kyau ɗin. Sai dai ka ƙara wata biyu kana ɗauke da haɗarin faɗuwa. In jarin ya koma 52, abin da ke hannunka 52.30 ne, alhali da ka bari an karɓa kana da 56.20 a asusu. In kuma ya wuce 65, ka dawo inda kake yau, da wani alkawarin da za ka sake saye da tsada. Na ga masu mirginawa wata bayan wata don kawai kada su yarda an gama.

Akwai kuma abin da zai iya yanke maka hukunci kafin ka yanke. Alkawuran hannun jarin Amurka ana iya nemansu kowace rana kafin wa'adi. Yawanci mai saye ba ya gaggawa, sai in kamfani zai raba riba. In rabon santi 50 ne, kuɗin kwanakin da ya rage a alkawarin kuma santi 40, to akwai yiwuwar ya karɓe jarin ana gobe ranar da allo ke kira Ex-Dividend Date, wato ranar da daga ita sabon mai sayen jari ba ya cikin rabon, rabon ya zama nasa. Duba wannan ranar yau ɗin nan. Haraji ma yana iya sauya lissafin in ka sayi jarin da arha tun da daɗewa, wannan kuwa ya danganta da ƙasar da kake biya. A ganina, in babu rabo ko haraji a tsakani, mafi yawan mutane gara su bari a karɓa.

"In na yi shiru ranar wa'adi fa?"

In farashi ya rufe sama da 55 ko da santi ɗaya ne, ƙa'idar OCC, hukumar da ke zartar da irin waɗannan alkawuran a Amurka, ita ce a zartar kai tsaye. Ka sa ran wayar gari da dala 5,500 a maimakon jarin.

"Halal ne?"

Ni ba malami ba ne, amma kada ka shiga ba ka san wannan ba: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan kwantiragin zaɓi bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne. Mallakar hannun jarin bai sauya abin da kake karɓar kuɗi a kansa ba. Kai wa malaminka bayanin yadda na zayyana shi a sama, da lambobinsa.