BLE, LoRa ko Wi-Fi: wanne zan sa wa sensar tankin gona?

Sunaye ukun nan duk wanda ya fara haɗa 'yar na'ura sai ya ci karo da su, kuma dukkansu rediyo ne, bambancinsu kawai nisan da muryar kowanne ke kaiwa da yawan batirin da yake sha. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kana da bohol a gona, da tanki a saman ƙarfe, kilomita 2 daga gida, ba wutar nefa a wajen, kana so duk minti 15 ka san inda ruwa ya kai ba sai ka hau mashin ka je ba. Sensar tana auna ruwan, saura yadda lambar za ta iso gare ka. Lambar nan fa 'yar mitsitsiya ce, tsawon ruwa da ƙarfin batir, duka ba su wuce bayit 10 ba.

BLE shi ne bulutut mai tsimin batir, ya zo ne da Bluetooth 4.0 a 2010, shi ke cikin agogon hannu da ke haɗuwa da waya. Wajen tsimi kam ba a magana, da ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, sai ya yi watanni har ma shekara. To amma a aikace mita 10 zuwa 30 ne, in bango ya shiga tsakani ma ya rage. Da tankin a bayan ɗakinka yake da shi zan ce ka ɗauka. A gona sai dai in kai za ka je da wayarka ka tsaya gindin tankin, to in ka je ai ka ga ruwan da idonka.

Wi-Fi, waifai ɗin da muka sani, shi mutane suka fi rugawa gare shi saboda ESP32, 'yar kwamfutar nan da ake haɗa ƙananan na'urori da ita, da shi yake zuwa a ciki kuma ba tsada. Gudunsa ya isa ɗaukar hoto har bidiyo, sai dai dole a samu rauta kusa, mita 50 ko ɗan fiye a fili, ita kuma rautar wuta take so dare da rana. Ka ce za ka kai mifai gonar ka haɗa masa sola, yana yiwuwa, amma ka ƙara wa kanka kuɗin data da abin da ɓarawo zai yi sha'awa.

Ga lissafin da ba a cika yi ba. Duk minti 15 sau 96 ke nan a rana. ESP32 in ya farka sai ya yi kamar daƙiƙa 3 kafin ya gaisa da rauta ya karɓi adireshi ya tura saƙo, yana jan kusan 120 mA, wato 0.1 mAh kowane tashi, kusan 10 mAh a rana. Batirin 18650 mai 2500 mAh zai kai wata takwas a takarda, ba laifi. Matsalar tana ranar da rautar ta mutu. Idan ka rubuta masa ya yi ta nema har daƙiƙa 30 kafin ya haƙura, kowane tashi ya koma 1 mAh, a rana 96, batirin da ka yi tsammanin wata takwas bai kai wata guda ba ya ƙare. Don haka in waifai ɗin ka zaɓa, ka sa masa iyaka, ya gwada na daƙiƙa 5 in bai samu ba ya koma barci.

LoRa kuma gajarta ce ta dogon zango a Turanci, fasahar kamfanin Semtech ce, tana aiki a 433, 868 ko 915 MHz, ƙasa da 2.4 GHz ɗin da BLE ke kai. Dabararta kamar mai kiran wani daga tsallaken fadama ne, yana jan kowace kalma a hankali don a ji. Yadda ake jan shi ake kira SF, daga 7 zuwa 12. A SF7 ɗan saƙonmu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba ya wuce, a SF12 sai ya ci daƙiƙa ɗaya ko fiye, duk mataki ɗaya da ka hau lokacin kusan ninkawa yake, nisa ya ƙaru, cin batir ma ya ƙaru. Gudun SF12 wajen bit 300 ne a daƙiƙa, saboda haka maganar hoto ka manta da ita. Ga tankinmu a ce SF9, farkawa da aunawa da turawa duka daƙiƙa 1 a kan 40 mA, a rana kusan 1 mAh ke nan, kashi ɗaya cikin goma na waifai. Kuma ba ya jiran kowa ya amsa gaisuwa, ya faɗi nasa ya kwanta.

Wani abu da ke ruɗa mutane, LoRa ba intanet ba ce. Dole a gida ka ajiye na biyu mai saurare, shi kuma yana kunne kullum, a nan ne waifai ke da amfani, ya karɓa ta LoRa ya miƙa wa wayarka. LoRaWAN da kake ji tsari ne da aka ɗora a kai don sensoci masu yawa, ga tanki ɗaya na'ura biyu sun isa. Ka tabbatar duka biyun masu mitar rediyo ɗaya ka saya, 433 da 433 ko 868 da 868, kuma ka duba wadda hukumar sadarwar ƙasarku ta yarda da ita, a Najeriya NCC.

To kilomita 2 ɗin fa ba kyauta take zuwa ba, eriya ce ke kawo ta. Igiyar rediyo ba kamar zare take tafiya ba, tana da ciki kamar kwale-kwale, a 868 MHz kan wannan nisa cikin ya kai mita 13 kowane gefe a tsakiyar hanya, ana so aƙalla mita 8 ya zama sarari. Shi ya sa in ka ajiye akwatin a ƙasa gindin tanki sai ka ga ko rabin hanya bai kai ba, ka ɗaure shi can sama, na gida ma a kan gora bisa rufi, sai saƙo ya fara shigowa. Kar ka kulle eriya cikin akwatin ƙarfe, kar ka bari ya yi turawa ba eriya a jiki don yana iya ƙonewa, kuma eriyar 433 ta kai santimita 17 ta 868 rabin haka ce, in aka musanya su nisa ya tafi.

Yadda za ka gane lafiyar hanyar, mai sauraren yana nuna RSSI, wato ƙarfin da saƙo ya iso da shi, da SNR, wato yadda saƙon yake in an kwatanta shi da hayaniyar da ke cikin iska, a kowane saƙo. SF7 yana daina ji wajen SNR -7.5, SF12 har -20. In da rani ka gwada ka ga kana bakin iyaka, ka hau SF ɗaya ko biyu tun yanzu, don da damina dawa za ta yi tsawo, darbejiya ta cika da ganye, duk su ci daga ƙarfin.

Sauran barcin. Shi ESP32 kansa kusan 0.01 mA yake ja in ya yi barci mai nauyi, amma allunan gwaji da yawa suna da 'yar fitila da sashen USB da ba sa kwanciya, sai ka tarar ana jan 5 mA. Sau awa 24, 120 mAh a rana, sati uku batir ya mutu ko LoRa ce a kai. Kafin ka hau tsani da akwatin ka sa mitar auna mA a layin batir, ka jira ya yi barci, ka karanta abin da ta nuna.